Yadda ake ɗaukar hoton takarda da waya don manhaja ta karanta rubutun daidai

Manhajar da ke cire rubutu daga hoto, irin su Google Lens, ɗigo-ɗigo take gani. Tana fara raba baƙin tawada da farin takarda, ta gano layuka, sannan ta duba siffar kowane harafi. Idan hoton ya ɓata mata ɗaya daga cikin waɗannan, sai ta yi kirdado, ta mayar da 8 ya zama 0 ko 6, ta haɗe r da n su zama m, ta zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ƴar alamar da ke kan é ta Faransanci. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta faɗa maka ta yi kirdado. Sai ka kwafi lambar da ba daidai ba ka tura.

Mu ɗauki takardar da ta fi wahala, wato takardar shaidar makaranta mai girman A4 da aka liƙe cikin roba mai sheƙi, irin wadda masu fotokofi ke yi wa ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Wanda ya iya ɗaukar wannan, takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ba za ta gagare shi ba.

Fara da goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi. A lokacin hunturu ƙurar Maradi da maiƙon yatsa sukan haɗu su yi wa hoto hazo, gefen haruffa ya narke cikin farin takarda.

Sai wuri. Kada ka ɗauka cikin tsakar rana a fili, domin robar za ta zama madubi, inuwar hannunka kuma ta raba takardar biyu. Kada kuma ka shige ƙuryar ɗaki. Idan haske ya yi kaɗan, waya takan daɗe da buɗe idonta don ta tara haske, ɗan motsin hannu sai ya ja kowane harafi ya yi jela, kuma takan ƙara ƙarfin haske da kanta har hoton ya cika da tsaki-tsaki da manhaja ke ɗauka a matsayin aya ko waƙafi. Wuri mafi kyau shi ne inuwa mai haske: ƙarƙashin rumfa, bakin zaure, ko kusa da taga. Inuwar bedi ba ta yi ba, saboda rana na kutsowa ta tsakanin ganye ta yi wa takarda dabbare-dabbare. Shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu marar zane, tebur ko baƙin zane, don a ga iyakarta. Tabarma mai ado takan rikita manhaja.

Yanzu ga babban aikin, wato ƙyalli. Haske na tashi daga abu mai sheƙi da irin karkatar da ya sauka da ita. Idan fitila na saman kanka kuma waya na kallon ƙasa, hasken zai daki robar ya dawo kai tsaye cikin kyamara. Shi ya sa fitilar waya ta fi komai ɓarna: tana manne da kyamarar, duk abin da ta haska yana dawowa inda ya fito. Kashe ta. Wurin da ƙyalli ya faɗa fari fat yake zama, kuma babu gyaran da zai dawo da abin da ke ƙarƙashinsa, domin kyamarar ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Inuwa mai sauƙi ana iya haskaka ta daga baya, ƙyalli kuwa ya cinye harafin ke nan.

Maganinsa, hasken ya zo daga gefe, a karkace kamar digiri 45, ta yadda zai daki robar ya wuce ɗaya gefen. Ga hanyar gwadawa: ɗora ƙaramin madubi, ko wata waya da aka kashe allonta, a kan takardar, ka leƙa ta kyamara. Idan ka hango ƙwan lantarki, ko taga, ko sararin sama a ciki, to a daidai nan ƙyalli zai fito. Zagaya da madubin kusurwa huɗu da tsakiya. Inda ka ga fitila, ja takardar gaba ko ka sauya wurin zama. Mutane da yawa wayar suke karkatarwa don su kauce wa ƙyalli, kuma a nan matsala ta biyu take shigowa.

Idan waya ta karkace, gefen da ke kusa da kai yana faɗaɗa, na nesa ya tsuke. A karkatar digiri 30, tsawon haruffa yana raguwa da kusan kashi 13 cikin ɗari, layukan nesa su ƙara ƙanƙancewa, wani lokacin su yi dishi-dishi tunda kyamara ta saita idonta a kan na kusa. Manhaja na iya miƙe takarda ta koma siffarta ta asali, amma jan ɗigon da ke akwai kawai take yi. Riƙe wayar a kwance sosai bisa tsakiyar takarda, ka kunna layukan saiti na kyamara, waɗanda ake kira Grille a wayar Faransanci, ka daidaita su da gefen takardar. Faɗin sama da na ƙasa su zo ɗaya. Idan inuwar wayar na faɗawa kan rubutu, ɗaga ta sama kaɗan, ko ka jingina takardar a bango ka ɗauka kana fuskantarta.

Nisa ma yana da lissafi. A4 tsawonta santimita 29,7 ne. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da ɗigo 4000 a tsawo. Idan takardar ta cika allo, kowace milimita na samun ɗigo kusan 13, ƙaramin harafi mai tsayin milimita 1,5 ya sami kamar 20, wanda ya wadatar. Idan ta ci rabin tsawon allo kawai, harafin ya koma ɗigo 10, lanƙwasar ƙ kuma ta koma ɗigo biyu ko uku. A nan ne ake fara samun kuskure. Don haka cika allo da takardar, ka bar ɗan gefe. Jawo hoto da yatsu biyu a yawancin ƙananan wayoyi yanke shi kawai yake yi, ba ya ƙara komai.

Taɓa allo a kan rubutun don kyamara ta saita ido a wurin. Farar takarda takan sa waya ta rage haske har ta fito ruwan toka, sai ka ɗan ja alamar rana sama, amma ka tsaya kafin tambari da sa hannu su fara kodewa. Dafa gwiwar hannu a tebur, ka ɗauki biyu ko uku.

Kafin ka tashi, buɗe hoton ka faɗaɗa shi a kan layin da ya fi ƙananan haruffa, sannan kusurwoyi. Yanayin kuskuren ma yana nuna sanadinsa. Idan kalmomi sun ɓace a wuri guda a tsakiya, ƙyalli ne. Idan saman shafi ne kawai ya lalace, karkata ce. Kuskure a ko'ina kuwa duhu ne ko motsi. Idan hoton tas yake amma ƙ da ɗ kullum suna fitowa k da d, manhajar ce ba ta san haruffan Hausa ba, sai gyara da hannu.

Wajen turawa ta WhatsApp, zaɓi Document, domin turawa a matsayin hoto na rage ɗigon sosai. Lambobi kuwa, ranar haihuwa, lambar takarda, adadin kuɗi, gwada su da na asali ɗaya bayan ɗaya. Manhaja na iya gyara kalma ta hanyar duba maƙwabtanta, amma 08 da 06 duka lambobi ne ingantattu a wurinta.