Yadda Za Ka Rabu Da Ciye-ciyen Dare Ta Hanyar Gyara Barcinka

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, ka ci abincin dare ka ƙoshi tun ƙarfe takwas, amma ga ka tsaye gaban firji kana lalube. Kuma ba kowane abu ranka ke so ba, sai mai zaƙi ko soyayye. Da safe ka tashi kana zargin kanka da kwaɗayi. Ni dai abin da nake so ka gane shi ne, sau da yawa wannan yunwar tun daren jiya aka shuka ta, lokacin da ka yi barcin awa biyar kacal.

Akwai sinadarai biyu a jiki da ke riƙe da linzamin yunwa. Na farko girelin, ciki ne ke fitar da shi, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa a kawo abinci. Na biyu leftin, daga kitsen jiki yake fitowa, shi ke cewa akwai ajiya, a dakata. A shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago suka ɗauki samari 12 masu lafiya, suka sa su barcin awa 4 kwana biyu, a wani karon kuma awa 10 kwana biyu. Bayan gajeren barcin, leftin ya sauka da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya hau da kashi 28, kuma abin da suka fi marmari shi ne kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci. Binciken da ya biyo baya bai samu wannan sauyin sinadarai a kowane karo ba, amma abu ɗaya ya yi ta maimaituwa: wanda bai samu isasshen barci ba yakan ci fiye da buƙatarsa. Gajiyayyiyar ƙwaƙwalwa ta fi ruɗuwa da abu mai daɗi, ta fi raunin cewa a'a, ga kuma ƙarin awanni ido biyu kusa da abinci. To ga yadda za a bi.

Mataki na farko: yi mako guda kana rubutawa, kada ka canza komai. Kowace safiya ka rubuta abu uku a takarda: lokacin da barci ya ɗauke ka, lokacin da ka farka, da abin da ka kai baki bayan abincin dare. Lokacin barci nake nufi, ba lokacin da ka hau gado da waya a hannu ba, domin tsakaninsu kan kai awa guda. Ranar bakwai ka duba. Idan daren da ka fi ciye-ciye shi ne wanda ya biyo bayan gajeren barci, ka kama bakin zaren.

Mataki na biyu, wanda shi ne ginshiƙin aikin: ja lokacin kwanciya baya sannu a hankali. Babba na buƙatar barcin aƙalla awa 7. Fara da tsayar da lokacin tashi, ka riƙe shi har ranakun hutu, sannan ka ƙirga baya.

A ɗauka ma'aikaci ne da dole ya tashi ƙarfe shida, kuma takardarsa ta nuna barci na ɗaukarsa ƙarfe goma sha biyu da rabi. Awa biyar da rabi ke nan. Burinsa ya koma ƙarfe goma sha ɗaya. Idan ya ce yau-yau zai kwanta goma sha ɗaya, juye-juye zai yi ta yi a gado, saboda agogon jikinsa bai saba ba, daga ƙarshe ya miƙe ya nufi kicin. Abin da zai yi shi ne ya matso da minti 15 duk bayan kwana uku: sha biyu da kwata, sannan sha biyu, a haka a haka. Cikin kwana 18 ya isa. Ka lura da wata riba da ke zuwa a ɓagas: lokacin da ya saba buɗe ledar biskit, wato wajen sha ɗaya da rabi, yanzu barci yake yi.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2022 wasu masu bincike, su ma a Jami'ar Chicago, suka gwada mutum 80 masu nauyi fiye da kima waɗanda ba sa cika awa shida da rabi suna barci. Rabinsu aka ba su shawara kan barci kawai, ba a ce musu uffan kan rage cin abinci ba. Barcinsu ya ƙaru da awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma abin da suke ci ya ragu da kimanin kalori 270 a rana idan aka kwatanta da sauran.

Mataki na uku: kawar da abin da ke korar barcin. Kofi ko shayi mai ƙarfi da aka sha ƙarfe biyar na yamma, kusan rabin sinadarin kafeyin ɗinsa mai hana barci na nan cikin jini ƙarfe goma na dare. Ka tsayar da shi tun ƙarfe biyu na rana. Wayar kuma a sa mata caji nesa da gado.

Mataki na huɗu: ka ci da rana yadda ya kamata. A nan mutane da yawa ke tafka kuskure, kuma abin yana damuna. Mutum na son rage ƙiba sai ya tsallake karin kumallo, ya ɗan taɓa na rana, ga shi a gajiye, dare na yi ya rama duka har da ƙari. Abincin darenka ya ƙunshi abin da ke daɗewa a ciki, kamar ƙwai, kifi, nama ko wake, tare da kayan lambu, kuma ka gama shi awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Kayan zaƙi kada ka jibge su a gida. Abin da babu shi a kusa, gajiyayyen mutum ba ya fita nemansa da tsakar dare.

Daren da barci ya ƙi samuwa, don dole za a yi irinsa, ka tashi da sanin cewa yau yunwarka za ta yi maka ƙarin gishiri. Idan ta taso da dare, tambayi kanka ko za ka iya cin dafaffen ƙwai ko ayaba guda. In za ka iya, yunwa ce ta gaske, ka ci ɗan kaɗan a faranti kana zaune. In kuwa ranka ya ce sai dai cakulan, gajiya ce, ka sha ruwa, ka goge haƙora, ka kwanta.

Alamar cewa aiki na tafiya ba ma'aunin nauyi ne zai fara nuna ta ba. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga layin ciye-ciye a takardarka yana zama fayau. Nauyi kan biyo baya a hankali, kuma barci shi kaɗai ba ya maye gurbin kula da abinci da motsa jiki.

Amma idan kana cika awa bakwai ko takwas kana tashi a gajiye, ana ce maka kana minshari mai ƙarfi ko numfashinka na ɗaukewa cikin barci, wannan ya wuce gyaran jadawali, likita ya kamata ya duba ka. Haka ma wanda ke farkawa tsakar dare ba ya iya komawa barci sai ya ci abinci. Mai ciwon sukari kuma da ke shan magani ko allurar insulin, yunwar dare mai zuwa da gumi da karkarwa na iya zama faɗuwar sukari ce, kada ya daure mata: ya auna, ya sha abu mai zaƙi nan take, sannan ya gaya wa likitansa.