Darasi na Bakwai: Wasiƙar Neman Farashin Zanen Gado

A ce kwamitin asibitin ƙauyenku, a nan ƙasar Ringim, ya tara kuɗi don sayen zannuwan gado, kuma ke ce ko kai ne aka ɗora wa alhakin tuntuɓar mai shago a Kantin Kwari, Kano. Abin da aka saba shi ne a buga waya a ce, "Alhaji, nawa zanen gado?" Shi kuma ya faɗi kuɗi. Amma wane zanen? Na wane gado? Da rigar filo ko babu? Wa zai biya kuɗin mota? Ranar da kaya suka iso ba yadda ake so ba, babu abin da za a nuna wa kwamiti sai "ai cewa ya yi". Shi ya sa a wannan darasi za mu koyi roƙon farashi a rubuce, kuma kafin a ɗauki biro akwai awo da lissafi.

A fara da awon katifa

Asibitin na da gado 10. Faɗin kowace katifa ƙafa 3, tsawonta ƙafa 6, wato abin da 'yan kasuwa ke kira uku-da-shida. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, saboda haka faɗin inci 36 ne, tsawon inci 72. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su ba mai shago wannan awon kawai. Zanen da ya yi daidai da saman katifa ba zai zauna ba, da marar lafiya ya juya sai ya tattare a ƙarƙashinsa. Dole zane ya sauko ta gefe, sannan a sami abin cusawa a ƙasa.

Ku ari tef ɗin tela ku auna kaurin katifar. A ce inci 6 ne, kuma ana son inci 8 na cusawa. Kowane gefe na buƙatar inci 14 ke nan, gefe biyu inci 28. Faɗin zane: 36 da 28, inci 64. Tsawo: 72 da 28, inci 100. Wannan awon za a rubuta, a kuma ce "bayan an yi kalmasa", domin ɗinkin baki yana cin yadi.

Yawan kuwa, kowane gado a ba shi zane 3: ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a wurin wanki, ɗaya a ajiye. Da damina zane kan kwana bai bushe ba. Gado 10 sau 3, zane 30, wato dozin biyu da rabi. Ku rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi. Ku guji kalmar "saiti" ita kaɗai, don saitin wani shago zane ɗaya ne da rigar filo biyu, na wani kuma ba haka ba.

Irin yadin

"Mai kyau" ba bayani ba ne, kowane ɗan kasuwa nasa mai kyau ne. A asibiti auduga zalla ake so, fara, don tana shan gumi, tana jure wanki da ruwan zafi, kuma datti ba ya ɓuya a kanta. Yadi mai roba ya fi araha, yana saurin bushewa, amma a zafin bazara kwanciya a kansa azaba ce ga mai zazzaɓi.

Ku nemi a haɗo ƙyallen samfur, ku gwada shi da hannunku. Ku zaro zare kaɗan ku kunna masa ashana: auduga tana ci da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ku ɗaga ƙyallen ga hasken rana, in ana hango komai ta cikinsa saƙar ba ta da ƙarfi. Akwai yadin da sitaci ne ya ba shi nauyi, wanki ɗaya ya koma shara-shara. Don haka ku auna ƙyallen, ku wanke, ku sake aunawa in ya bushe. Auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, wannan ba aibi ba ne, amma gara ku san nawa take tsukewa. Ku adana samfurin, da shi za a gwada kayan ranar da suka zo.

Ga wasiƙar

Kwamitin Asibitin ............
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa
Kwanan wata: ............

Zuwa ga Alhaji ............
Kantin Kwari, Kano

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka rubuto mana farashin waɗannan kaya:

1. Zanen gado guda 30 (talatin), fari, auduga zalla, faɗi inci 64, tsawo inci 100 bayan kalmasa.
2. Rigar filo guda 30 (talatin), daga yadin zanen.

Ka nuna kuɗin kowane ɗaya daban, sannan jimla. Ka haɗo mana ƙyallen samfur.

Muna son a kawo kayan har ƙofar asibiti cikin kwana 14 daga ranar da muka tabbatar da ciniki. Ka bayyana ko kuɗin mota da na dako suna cikin farashin. Ka faɗa mana nawa za mu bayar kafin alƙalami, da kwana nawa wannan farashi zai tsaya bai canza ba. In wani zane ya zo da yagewa, ko ya gaza awo, ko ya saɓa da samfur, muna son sanin ko za ka canza shi, da wanda zai biya kuɗin mayarwa.

Wannan neman farashi ne kawai, ba mu riga mun yi oda ba. Muna jiran amsa mai ɗauke da sa hannunka ko hatimin shago kafin ranar ............

Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.

Sa hannu: ............, Sakataren Kwamiti
Lambar waya: ............

Ku lura da "har ƙofar asibiti". In aka ce "a kawo Ringim" kawai, direba na iya sauke kayan a tasha, sauran tafiyar a babur ta hau kanku. Ita kuma jimlar nan ta cewa ba a riga an yi oda ba, kada ku cire ta. Mai shago na iya yanka yadi ya ba tela, daga baya ya ce ku kuka sa shi.

Ku aika wasiƙa iri ɗaya ga shago biyu ko uku, ku riƙe kwafi. In hotonta za ku tura ta waya, shi ma ya turo hoton amsarsa a rubuce, ba saƙon murya ba.

In amsa ta zo

A ce shagon farko ya rubuta zane naira 5,000, rigar filo naira 500, kuɗin mota naira 8,000 a kanku. Na biyu ya rubuta naira 5,600 zane da rigar filonsa, har ƙofar asibiti. A ido na farko ya fi sauƙi. Amma ku lissafa: 150,000 da 15,000 da 8,000 sun kama naira 173,000. Na biyu, 5,600 sau 30, naira 168,000. Na biyun ya fi sauƙi da naira 5,000, muddin samfurinsa ya ci gwajin ashana da na wanki.

Aikin yi

1. Makarantar kwana tana da gado 24, katifa uku-da-shida mai kaurin inci 4. Ana son inci 8 na cusawa, da zane 2 ga kowane gado. Fitar da faɗi da tsawon zanen, da yawan da za a saya.
2. Rubuta wa mai shago wasiƙa kan waɗannan zannuwa. Karanta wa na kusa da kai, ya zama shi ne mai shagon, ya faɗi duk abin da zai sa sai ya bugo waya ya tambaya.