Yadda Za Ka Karanta Fastar Ɗan Takara

Da farko, rufe rubutun da tafin hannu, ka bar hoton kaɗai. Idan ka fara da taken, shi zai gaya maka abin da za ka gani.

Sai ka duba ta ina aka ɗauki hoton. In daga ƙasa ne, haɓa da kafaɗu za su cika ido, mutum ya yi kwarjini. Wannan aikin mai kyamara ne.

Daga nan duba wanda aka jingina da shi. A Kano, ƙaramin hoton Malam Aminu Kano a kusurwa yana cewa "magajinsa ne", ba tare da an rubuta ba. Tambayi kanka: wace hujja aka kawo? Jar hula kuma ta nuna gidan siyasar ɗan takarar tun daga nesa.

Yanzu ɗaga hannunka, ka gwada taken da abin da hoton ya riga ya faɗa.