Yadda Ake Rubuta Sharhin Malami a Takardar Sakamakon Yaro Mai Wuyar Hali

Layuka huɗu ko biyar ɗin da malamin aji ke rubutawa a ƙasan takardar sakamako sun fi maki tafiya da nisa. A gidajenmu na Hausawan Gadarif da Mai Wurno a ƙasar Sudan, takardar da Larabci take zuwa, kuma sau da yawa yayan yaron ko wani maƙwabci ne zai karanta wa uba ita a tsakar gida, kowa yana ji. In malam ya rubuta cewa yaro fitinanne ne ba ya jin magana, abin da zai biyo baya bulala ce, gobe kuma yaron ya dawo aji da haushin malaminsa a ciki. Sharhin da ke aiki shi ne wanda ya faɗi gaskiya, ya kuma bar wa uba abin yi ban da duka.

Aikin yana farawa ne tun kafin ranar rubutu. Mako uku kafin ƙarshen zango, ka ware shafi ɗaya a littafinka domin yaron. Duk abin da ya faru ka rubuta rana, da darasin da ake ciki, da abin da ya faru gab da tashin rigimar, da abin da ya yi, da matakin da ka ɗauka. Ranakun da ya zauna lafiya su ma ka rubuta su, domin zuciya ba ta riƙe su kamar yadda take riƙe ranar ɓacin rai.

Mu ɗauki misali. A ce yaro ne ɗan aji biyar, wanda duk malamai suka yarda cewa "kullum" yana cikin fitina. Da ka duba shafinka sai ka ga sau tara ya tashi daga wurinsa yana tsokanar 'yan'uwansa, bakwai daga ciki bayan an dawo daga hutun karin kumallo, kuma kusan duka a darasin da ake kwafar rubutu mai tsawo daga allo. A darasin lissafi na safe ba ka rubuta masa laifi ko ɗaya ba, shi ne ma mai fara ɗaga hannu. Ka ga ashe ba kullum ba ne. Yana da lokacinsa, yana da irin aikin da ke tayar da shi, kuma a nan gyara zai samu kafa.

Sai ka fara sharhin da abin da ya iya, na gaskiya, wanda ka gani da idonka. "Yaro ne mai kirki" ba ta gaya wa kowa komai ba, kuma uban da ya san ɗansa zai gane share fage kawai kake yi. Ka ce yana saurin warware lissafin rabawa da ka, yana kuma taimaka wa na kusa da shi idan ya kakare. In karatun nasa duk da rauni, ka nemi ƙarfin a wani wuri: ba ya makara, yana da riƙon amana idan aka aike shi ofis, muryarsa a tilawa tana da daɗi, yana kare ƙanana a filin wasa. Ban yarda akwai yaron da malami zai zauna da shi zango guda ya rasa abin yabo ɗaya a kansa ba. In aka rasa, kallon ne bai isa ba.

Daga nan sai halin da ke damunka. Ka zaɓi ɗaya, iyaka biyu, wanda ya fi cutar da karatunsa. Ka faɗi aikin da ya yi, da lokacin da yake yinsa, da abin da hakan ke janyo masa, kada ka laƙa masa suna. "Marar kunya" hukunci ne a kan yaron gaba ɗaya, ba a kuma san ta inda za a kama shi ba. "Yana barin wurinsa a darussan bayan karin kumallo, sai ya tashi bai gama kwafar darasi ba" abu ne da uwa za ta iya dubawa a littafinsa da yamma. Ka kuma lura da kalmar "amma" bayan yabo, domin mai sauraro yakan zubar da duk abin da ya zo kafinta. Gara ka rufe jimlar yabo, ka buɗe sabuwa.

Kada kuma ka tausasa har gaskiya ta ɓace. In yana dukan yara, a rubuta cewa yana kai hannu idan ya fusata. Sai dai babban al'amari irin wannan bai kamata iyaye su fara jinsa a takardar sakamako ba. Ka kira su tun da wuri, da sanin shugaban makaranta, takardar ta zama tuni ga maganar da aka riga aka yi.

Akwai abin da ba ya shiga takarda ko kaɗan: sunan wani yaro, kwatanta shi da yayansa, sirrin gidansu, da hasashenka kan dalili. Wannan na ƙarshen ya ƙara nauyi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Makarantu sun daɗe a rufe, yara da yawa sun zo Gadarif daga Khartoum da Wad Madani da Sinja, wasu sun ga abin da ba sa iya faɗa. Yaron da ke zabura idan an buga ƙofa, ko wanda ke kwafa a hankali saboda ya daɗe bai riƙe alƙalami ba, yana iya kama da mai taurin kai. Malami ba likita ba ne, kada ya rubuta sunan wata cuta. In kana zargin ba ya ganin allo sosai ko ba ya ji da kyau, ka faɗa wa uban baki da baki, ka ba da shawarar a kai shi a duba.

Ƙarshen sharhi shi ne matakin gaba, kuma nan aka fi yin sakaci. "Ya ƙara ƙoƙari" ba mataki ba ne. A raba aikin uku: abin da yaron zai yi, abin da kai malam za ka yi, da abin da ake roƙon gida, kowanne ƙarami, da lokacin da za a sake dubawa. Kason malam ne ke nuna wa iyaye cewa ba ƙarar ɗansu aka kawo ba. Ga yadda sharhin yaronmu zai fito:

"Yana da kaifin basira a lissafi, yana warware rabawa da ka, yana kuma taimakon abokan zamansa. A darussan bayan karin kumallo yakan bar wurinsa ya yi surutu, shi ya sa rubutunsa da yawa bai kammala ba. Zango mai zuwa zan dawo da shi layin gaba, in riƙa raba masa kwafa kashi biyu. Burinmu ya gama kashi ɗaya kafin ya tashi. Muna roƙon a duba littafinsa a gida kowace Alhamis, mu sake tattaunawa bayan mako huɗu."

Kafin ka sa hannu, ka karanta shi da ƙarfi, ka fassara shi da Hausa yadda za a fassara wa uban, ka ji ko akwai kalmar da za ta yi zafi fiye da nufinka. In gurbin takardar ya yi kaɗan, ka rage kalmomi a kowane sashe, kada ka cire matakin gaba. Sannan ka rubuta ranar da mako huɗun zai cika a littafinka, domin ranar nan kai ne za ka aika a kira uban.