Kurakuran da iyaye suka fi yi wajen shirya wa yaro lungun hutawa

A watan da ya wuce kawai gida uku aka kira ni a nan Gombe, biyu a Pantami ɗaya a Bolari, don in duba lungun da aka shirya wa yaron da ba ya jure hayaniya. Duk ukun ƙorafinsu ɗaya ne: mun gyara wuri, mun kashe kuɗi, yaro ya ƙi shiga. Da na duba kuwa sai na tarar da kurakuran da ni ma na tafka shekara huɗu da suka wuce. Ni ba likita ba ce. Uwa ce da ɗanta ke da lalurar galahanga, yanzu shekararsa 9, kuma abin da zan faɗa shi ne abin da ya yi mini aiki a ɗakina.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mayar da lungun wurin horo. Ɗana yana da shekara 5 aka yi suna a gidanmu, gidan yawa ne. Mata sun cika tsakar gida, ga daka, ga guɗa, ga lasifika. Tun hantsi yake toshe kunnuwa da yatsu yana tauna wuyan rigarsa, ban kula ba, ina ta fama da tukwane. Da azahar ya zube ƙasa yana ihu yana buga kai. Surukata ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauke shi daga idon mutane, sangarta ce kawai." Na ce, "To, Hajiya." Kunya ta sa na finciko shi da hannu ɗaya, na jefa shi lungun da na yi mako biyu ina shiryawa, na ja ƙofa na sa sakata. Har yau ina jin yadda yake dukan ƙofar nan da tafin hannu.

Daga ranar bai sake kusantar wurin ba. Ko tabarmar ya gani an shimfiɗa a wani wuri sai ya ja da baya. Wata huɗu na yi ina lallashi, ƙarshe sai da na kwashe komai na sake wuri da shimfiɗa.

Don Allah iyaye mata ku ji ni da kyau. Yaron da hayaniya ta fi ƙarfinsa ba rashin kunya yake yi ba, kuma ba neman a saya masa wani abu yake ba. Ƙarar da ke kike ji ki wuce, shi ciwo take yi masa. Idan kin ce "wuce lungunka tunda ba ka ji", kin gama koya masa cewa wurin na mai laifi ne, kuma ranar da zai buƙace shi ba zai je ba. Ba a tura yaro ciki da tsawa, ba a kulle masa ƙofa ko sau ɗaya, ba a kuma tsare shi idan ya tashi fita. Ku gaya wa maigida da yayyensa da kakarsa wannan ƙa'ida, domin mutum ɗaya ya isa ya rushe aikin wata uku.

Gyaran da na yi shi ne koya masa wurin lokacin da hankalinsa ke kwance. Bayan karin kumallo da bayan la'asar nakan shiga in zauna kamar minti biyar ina tsintar wake, ban kira shi ba. A kwana na shida ya leƙo, a na tara ya zauna a gefena. Sai da ya saba na fara nuna masa hanyar da zarar na ga alamun farko, wato toshe kunne da tauna riga da kaɗa jiki gaba da baya. Kalma biyu kawai nake faɗa, "Mu je?" Idan an riga an kai ga ihu, kada ki yi ta tambayarsa me ya faru, muryarki ma ƙarin hayaniya ce. Ki zauna kusa, ki yi shiru. Nawa yakan ɗauki kusan rabin awa kafin numfashinsa ya daidaita.

Kuskure na biyu shi ne zaɓen wuri da kunnen babba, kuma a lokaci ɗaya na yini. Lunguna na farko a bayan kwaba na yi shi, da hantsi na zaɓa, unguwa tsit. Ashe bangon nan shi ne ya raba mu da maƙwabcinmu, kuma janaretonsa a jikin bangon yake ajiye. Da an ɗauke wuta bayan magariba, wurin da na tanada don shiru sai ya fi ko'ina ƙugi a ɗakin. Yanzu kafin in ba kowa shawara nakan ce ta zauna a ƙasa a wurin, daidai tsayin yaron, sau uku: da safe lokacin masu markaɗe, da yamma lokacin da yara suka taso daga Islamiyya, da dare lokacin janareto. Ki ɗora tafin hannu a bango. Idan kin ji yana rawa, bar wurin, labule ba zai gyara shi ba. Ki nemi bangon cikin gida, nesa da taga da titi da madafa. Idan ɗakin kwano ne ba silin, ki tuna da ruwan watan Agusta.

Kada kuma a yaudare ku da liƙa kiret ɗin ƙwai a bango. Ba ya tare ƙarar waje, sai dai ya tara ƙura da kyankyasai. Ƙara ta kafa take shigowa, ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. Tsohon zane da aka naɗe aka tura ƙarƙashin ƙofa ya fi kiret talatin amfani. Katifa da labule mai kauri kuwa amsa-kuwwar cikin ɗaki suke ragewa.

Ga zafi. Wata baiwar Allah ta rufe wa 'yarta ƙarƙashin tebur da bargo ta kowane gefe, a watan Afrilu, a Gombe! Yarinya ta fito jiƙe sharkaf da gumi, uwar tana cewa ƙiwuya ce. Gefe biyu ko uku ake karewa da yadi mara nauyi, a bar sama ko gefe ɗaya iska ta ratsa, ke ma kina hango yaron daga inda kike aiki. Bargo mai nauyi da ake tallatawa kuma ba na ƙaramin yaron da ba zai iya ture shi da kansa ba ne, ni ban ma yarda da shi ba a zafinmu.

Sauran ƙananu ne amma suna ɓata aiki. Kada a cika wurin da kayan wasa, abu biyu da yaron ya zaɓa da kansa sun isa. Waya ba ta shiga. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a yi nesa da su, da yawa daga cikin yaran nan ƙamshi mai ƙarfi yana damunsu kamar ƙara. Farin ƙwan fitila mai ƙyaftawa a cire shi. Abin toshe kunne na ranar biki ne da shiga kasuwa, idan ya wuni da shi kullum kunnen ƙara tsargar ƙara yake yi. Kuma wurin ba ma'ajiyar buhun masara ba ne idan kaka ta yi.

Namu lungun yanzu bai wuce taku huɗu a tsaye da uku a kwance ba, tsakanin gado da bangon uwar ɗaki. Akwai ƙaramar katifa, filo biyu, gorar ruwa, da gwangwanin marafan kwalba da yake jerawa. Idan za mu gidan biki kuma, tun kafin mu tafi nakan kira uwar biki in ce, "Yaya, a taimaka mana da gefen ɗaki ɗaya wanda ba a ajiye kaya ba." Da mun isa sai in fara kai shi ya ga wurin, in ajiye filonsa da gwangwaninsa, sannan mu fito gaisuwa.