Yadda ake sake rubuta katin bayanin ƙyauren sassaƙa don kowa ya fahimta

Mai ziyarar gidan tarihi a tsaye yake karatu, sau da yawa da yaro riƙe a hannu, wani kuma na bayansa yana jiran ya matsa. Layi biyu ko uku zai karanta ya ɗaga kai. Sababbin ma'aikata kan manta da haka, sai su kwashe abin da ke cikin kundin rajista su zuba a kati: lambar kaya, tsawo da faɗi, salon sassaƙa, sunan wanda ya kawo. Duk gaskiya ne, amma babu abin da zai sa mutum ya sake duban ƙyauren.

Mu ɗauki ƙyauren fadar Ogoga, sarkin Ikere a ƙasar Ekiti, wanda Olowe na Ise ya sassaƙa tsakanin 1910 da 1914, yanzu yana Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan.

Da farko ajiye kundin, ka tsaya gaban ƙyauren, ko ka sa babban hotonsa a gaba, ka rubuta abin da idonka ya fara faɗawa a kai. A wannan ƙyaure mai ganye biyu, mutane ne jeri bisa jeri. A ganye ɗaya ga sarki zaune da kambinsa, uwargidansa tsaye a bayansa. A ɗayan ga wani Bature cikin lilo da aka rataya a sanda, 'yan dako na ɗauke da shi. Wannan shi ne Kyaftin Ambrose, jami'in mulkin mallaka, ya zo wurin Ogoga. Da wannan haɗuwa za ka buɗe katin.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne maganar gwanintar masassaƙi. Mai koyo ya karanta cewa Olowe shahararre ne, sai ya rubuta "aiki ne mai ban sha'awa da ke nuna ƙwarewa ta musamman". Mai ziyara ba zai iya gwada wannan da idonsa ba, don haka ba ta ƙara masa komai. Tambayi kanka: me hannun Olowe ya yi da za a iya nunawa da yatsa? Yawancin ƙyamaren sassaƙa siffofinsu a kwance suke jikin katako. Shi kuwa ya zurfafa sara har mutanen suka tuɗo waje, kawunansu suka rabu da allon, suna yin inuwa a kansa. Sai ka rubuta haka, ka kuma gaya wa mai kallo ya koma gefe ya duba. Kati nagari yakan sa ƙafa ta motsa. Duk jimlar yabon da ba za ka iya biyo ta da "duba nan" ba, soke ta.

Sannan kada ka yi wa mutanen jikin ƙyauren karatun zuci. Wasu kan rubuta cewa sarki ya raina baƙon, ko Baturen yana jin tsoro. Faɗi yadda aka zaunar da kowa, ka bar mai kallo ya yanke hukunci.

Maganar yadda ƙyauren ya bar gida ba a dunƙule ta cikin "an samo shi a 1924". Wa ya ba wa, a kan me? An kai shi baje kolin daular Birtaniya a Wembley a 1924, gidan tarihin ya karɓe shi, aka ba Ogoga kujerar sarauta ƙirar Ingila a madadinsa. Jimla ɗaya ta ɗauke wannan.

Ga yadda katin zai fito:

"Ƙyauren fadar Ikere. Sarki Ogoga na zaune yana karɓar Kyaftin Ambrose, jami'in Birtaniya da 'yan dako suka ɗauko a lilo. Koma gefe ka duba yadda kawunan suka tuɗo daga katakon: haka Olowe na Ise yake sassaƙa. An kai ƙyauren baje koli a Landan a 1924, aka musanya wa sarki shi da kujerar sarauta."

Kalma hamsin da 'yan kai ke nan. Ni ba na yarda kati ya haura sittin. Shekarar rasuwar masassaƙi 1938, irin katakon da lambar rajista su koma ƙasa a ƙananan haruffa, masu bincike za su same su a can.

Kafin ka kashe kuɗin bugawa a allo, fitar da shi a farar takarda, ka manna daidai tsayin ƙirji kusa da ƙyauren, ba a jikinsa ba. Baƙin rubutu a farin fili, manya yadda za a karanta daga nisan taku biyu. Kira mai gadi ko mai shara ya karanta da ƙarfi. Inda ya yi tuntuɓe, gyara jimlar. In ya gama bai ɗaga kai ya nemi Baturen cikin lilo ba, koma ka sake layin farko. In katin na harshe biyu ne, a rubuta kowanne da kansa, kuma a tabbatar mai bugawa yana da ƙ da ɗ da ɓ kafin a biya shi.