Yadda ake lissafin gudun jirgin sama daga IAS zuwa GS

Allurar agogon gudu tana kan 110, na'urar GPS kuma tana cewa 102, takardar tsarin tafiya an rubuta mata 122. Duk ukun gaskiya suke faɗa, sai dai kowanne da abin da yake aunawa. Bari mu bi su da ƙaramin jirgi da zai yi tafiyar mil 204 na ruwa, yana ƙafa 8,000 a sama. Gudun duk da not ake ƙirga shi, wato mil ɗaya na ruwa a awa, kilomita 1.852.

Da farko ka karanta IAS, abin da allura ta nuna ke nan. Agogon ba tazara yake aunawa ba. Akwai ɗan bututu da ke fuskantar gaba yana karɓar bugun iska, akwai kuma ƙaramar huda a gefen jirgi da ke jin nauyin iskar wurin kawai. Bambancin waɗannan biyun shi ke motsa allura. Wannan bugun kuwa shi ne fiffike yake ji, shi ya sa da IAS ake tashi, da shi ake sauka, da shi ake gane an kusa gudun da fiffike zai daina ɗaukar jirgi. A misalinmu IAS not 110 ne.

Sai ka buɗe littafin jirgin ka nemo CAS, wato IAS bayan an gyara ɗan kuskuren da ke cikinsa. Iskar da ke ratsa jikin jirgi tana ɗan rikita abin da hudar gefe take ji, saboda haka masu ƙera shi suka yi jadawalin gyara. A gudun tafiya gyaran ɗan kaɗan ne; mu ce jadawali ya ba mu 108. Inda yake girma shi ne a ƙaramin gudu, hancin jirgi a ɗage. Daga CAS ake fara sauran lissafi.

Mataki na uku shi ne TAS, ainihin gudun jirgi a cikin iskar da yake ratsawa, kuma nan ɗalibai suka fi ruɗewa. An saita agogon ne bisa kaurin iska a daidai bakin teku, zafi digiri 15. Da ka yi sama iska tana sirancewa, dole jirgi ya ƙara sauri kafin bututun ya ji bugu irin na ƙasa. Ka ga ke nan allura tana nuna ƙasa da ainihin gudunka. Matuƙa suna da lissafin ka na gaggawa, a ƙara kashi 2 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000:

```
TAS ≈ CAS × (1 + 0.02 × 8) = 108 × 1.16 ≈ 125
```

Wannan kintace ne, yana ɗan wuce gona. Idan ka sa tsawon da zafin wurin, digiri 1 ƙasa da sifiri a ranar da yanayi yake daidai, a ma'aunin E6B, wato ɗan faifan lissafi na matuƙa, za ka samu kusan 122. Ni dai shi nake ba da shawara a riƙe, tunda a kansa za a auna mai. TAS ake rubutawa a takardar tsarin tafiya. Rana mai zafi kuwa tana ƙara sirantar iska, TAS ya ƙara nisa da CAS.

Na ƙarshe GS, gudunka a kan doron ƙasa. Iskar da kake ciki ita ma tafiya take yi. In tana zuwa ta gabanka da not 20, ka cire: 122 ya koma 102. Raba 204 da 102, awa 2 cif. Da babu iska minti 100 ne. Jirgin da ke shan lita 30 a awa zai ƙona lita 60 maimakon 50, ban da na ajiya. A dawowa iskar tana bayanka, GS 142, minti 86. Lura, zuwa da dawowa sun zama minti 206, ba 200 ba, domin ka fi daɗewa a ɓangaren da iska ke tare ka. In iskar ta gefe take zuwa, ragi da ƙari ba su isa ba, sai ka koma E6B.

Abin da nake jin tsoro ga sabon matuƙi shi ne sauka a filin jirgi mai tudu. Ya saba sauka da IAS 65, ya riƙe shi daidai, amma a ƙafa 5,000 TAS ɗinsa ya kai wajen 70. Sai ya ga fitilun gefen titi suna wucewa da sauri fiye da yadda idonsa ya saba, hannu ya so janye maƙura, wato rage wa inji wuta. Kada ka janye. Fiffike bai san GS ba, bugun iska kawai ya sani. Riƙe 65 ɗinka a agogo, ka kuma tanadi titi mai tsawo fiye da wanda ka saba ci, wanda jadawalin sauka na littafin jirgin zai faɗa maka tun kafin ka tashi.